Man Inji: Littafin Mota Ko Shawarar Aboki?

Wani dattijo ya kai Toyota Corolla ɗinsa, ƙirar 2010, gareji a Kano don juyen mai. Ya zo da galan na 20W-50, domin abokinsa ya ce masa mai kauri shi ne maganin zafin Arewa.

Bakaniken ya buɗe bonet, ya nuna masa murfin man inji. “Baba, duba nan. 5W-20 aka rubuta, haka kuma yake a littafin motar.”

“To, yaro, ai mai kauri ya fi riƙe inji,” in ji dattijon.

Bakaniken ya ɗiga man biyu a kan faranti, ya karkata shi. Mara kaurin ya gangara nan take, mai kaurin yana jan jiki. “Baba, da asuba in ka tayar da mota, haka za su yi a ciki. Hanyoyin mai na wannan injin matsattsu ne. Kafin mai kauri ya hau sama, ƙarfe yana gugar ƙarfe, kuma fetur zai ƙara tafiya.”

Ya ƙara da cewa lambar farko tana nuna gudun mai cikin sanyi, ta biyu kaurinsa idan inji ya ɗau zafi. Tsohuwar Fijo 504 irin ta abokin tana son 20W-50, don haka bai yi ƙarya ba. Injinsa ne daban.

Dattijon ya amince. Mai mota, kafin ka sayi mai, duba littafin motarka, domin wanda ya ƙera injin shi ya san abin da ya dace da shi.