Ɗan Ƙarfen da Ke Hana Sitiyari Rawa

Mota tana tafiya lafiya ƙalau a cikin gari, amma da ta hau babban titi, malejin ya kai 90 ko 100, sai sitiyari ya fara kakkarwa a hannu. Sau da yawa laifin na wani ɗan ƙarfe ne da bai kai tsawon yatsa ba, wanda ya faɗi daga bakin rim.

Babu tayar da ke fitowa daga masana'anta nauyinta a rabe daidai ta ko'ina. Wani gefen ya ɗan fi kauri, ga bawul, ga faci idan an taɓa yi. A hannu bambancin ba ya jiyuwa, sai taya ta fara juyawa. Ɗauki taya mai lamba 195/65 R15, irin ta ƙananan motoci. Kewayenta kusan mita 2 ne, don haka a gudun kilomita 100 cikin awa tana juyi wajen sau 14 a daƙiƙa guda. Idan akwai rarar giram 30 a wuri ɗaya a bayanta, a wannan gudun fizgar rarar ta haura nauyin kilo 7, sama da ƙasa, a kowane juyi. A rabin gudun kuwa rubu'in haka ne kawai, shi ya sa ba a jin komai a cikin gari. Ɗan ƙarfen ana sa shi ne daura da wurin mai nauyi, don fizgar biyu su kashe juna.

Iri biyu ne. Akwai mai maƙata da ake bugawa a leɓen rim, galibi na ƙarfe, akwai kuma na liƙawa da ake mannawa daga cikin rim na alminiyam, yawanci gutsattsari masu giram biyar-biyar. A da da dalma ake yinsu, amma Tarayyar Turai ta hana na dalma tun 2005 saboda guba, aka koma tutiya da ƙarfe.

Rami da gefen kwalbati suna cire su, wannan gaskiya ne. Sai dai a ganina, yawancin masu faɗuwa tun ranar sa su aka kuskure. Gam ba ya kama ƙura. Cikin rim cike yake da baƙar ƙurar birki da maiƙo, kuma in ba a kankare tsohon gam ba, aka goge wurin ya bushe sarai, zafin birki da ruwan wanki za su ƙarasa aikin. Mai maƙata kuma kowane leɓen rim da siffar da ta dace da shi. Wanda aka cire aka sake bugawa bakinsa ya riga ya buɗe, ba zai riƙe ba.

A shago, aikin kirki yana farawa tun kafin a kunna na'ura. A cire tsofaffin ƙarafan duka, a ɓamɓare busasshen taɓo daga cikin rim, a zare tsakuwar da ta maƙale a zanen taya, a daidaita iska. Sannan a ɗora tayar a kan sandar na'ura a ɗaure ta ta zauna a tsakiya daidai, domin in ta zauna a karkace duk abin da na'urar za ta faɗa ƙarya ne. A shigar da faɗin rim, da girmansa, da tazararsa daga na'urar, a rufe murfi ta juya na 'yan daƙiƙu.

Lamba biyu za su fito, misali 25 a gefen ciki da 15 a gefen waje. Biyu ne saboda taya tana da faɗi: nauyin da ya karkata gefe ɗaya yana sa ta lilo hagu da dama, ba tsalle kaɗai ba. Mai aikin zai juya tayar da hannu har fitilun gefen ciki su cika, ya buga giram 25 a can ƙololuwa, ya yi haka da 15 a waje. Sai ya sake juyawa. Sifili da sifili ake nema. Idan ta sake neman ƙari, ba a jera ƙarafa a wurare daban-daban, cirewa ake yi a sake awo. Idan kuma ta nemi nauyi mai yawan gaske, a tsaya a kalli tayar tana juyi, domin lanƙwasasshen rim ko taya mai ƙulu ba sa gyaruwa da ƙarfe.

Ka lura da inda rawar take. Ta sitiyari daga tayoyin gaba ce, ta kujera da ƙasan mota galibi daga baya. Wadda ba ta zuwa sai an taka birki, a duba faifan birki. Mota mai janyewa gefe guda kuma saitin ƙafafu take so, aiki ne daban. In mai faci zai cire taya daga rim, ka roƙe shi ya yi alama da alli a saitin bawul, ya mayar da ita inda take.