Wasiƙar Da Ake Rubuta Wa Wanda Bai Samu Kwangila Ba

Da wuya a ba da kwangila a wata ma'aikata a ƙasar nan ba a ji ƙananan maganganu sun biyo baya ba. Waɗanda suka rasa za su ce ai tun kafin a buga sanarwa an riga an raba aikin, an kira su ne kawai don cika sharuɗɗa. Wani lokaci zargin gaskiya ne. Sau da yawa kuma kwamiti ya yi aikinsa tsakani da Allah, takardar da ofis ya aika wa wanda ya rasa ce ta haifar da zargin, in ma an aika ke nan. Ɗan kwangila ya kashe kuɗi ya haɗa takardu, ya bi layin banki, ya jira wata biyu, sai a miƙo masa layi biyu: ana baƙin cikin sanar da shi bai yi nasara ba "saboda wasu dalilai". Duk wanda aka yi wa haka, dole ya nemo dalilin da kansa, kuma wanda zai fara zuwa masa a rai shi ne an sayar.

Jami'ai da dama sun ɗauka cewa faɗin dalili jawo wa kai ƙara ne, shiru shi ne mafita. Wannan fahimta ta saɓa wa dokar da suke aiki a ƙarƙashinta. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu, kuma ta kafa hukumar BPP, ta sa yi wa waɗanda suka rasa bayani idan sun nema a cikin ayyukan ma'aikatar da ke sayen kaya. Sashe na 54 ya ba ɗan kwangila kwanakin aiki 15 daga ranar da ya san abin da bai gamsu da shi ba, ya kai koke ga babban jami'in ma'aikatar. Shi ma jami'in yana da kwanakin aiki 15 ya ba da amsa a rubuce. In ba a gamsu ba a wuce BPP, daga nan sai Babbar Kotun Tarayya. Ke nan dalilin da aka ƙi faɗa a wasiƙa, sai an faɗe shi a gaba, lokacin da rai ya riga ya ɓaci kuma lauya ya shigo.

A ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu, tsarin da ya fara aiki a 2016 ya fi haka tsauri. Kafin a sa hannu a kwangila, ana aika wa duk masu tayi sanarwar wanda ake shirin ba wa aikin, da farashinsa, da dalilin da ya sa kowane mai tayi ya rasa, sannan a dakata na kwanakin aiki 10. Mai son ƙarin bayani yana da kwanakin aiki 3 ya nema.

Ko a kasuwar Kurmi ma an san wannan ladabi. Mai saye ya taya, mai kaya ba ya juya masa baya, sai ya ce albarka. Ya ƙi tayin, bai ci mutuncin kowa ba, mai saye ya gane inda matsalar take, kuma gobe zai iya dawowa rumfar ba tare da jin nauyi ba. Abin da ake nema daga wasiƙar ofis ke nan, sai dai ita dole ta faɗi dalilin ɓaro-ɓaro, domin ba ido da ido ake ba.

A ɗauki misali. Wata makaranta na son kujeru masu haɗe da tebur guda 300. Sanarwar ta ce katakon saman tebur ya kasance mai kaurin milimita 18, a kawo kaya cikin mako 6 saboda komawar ɗalibai, kuma a haɗo takardar shaidar biyan haraji. Kafintoci uku suka kawo tayi. Na farko ya sa naira 45,000 kowace ɗaya, jimla miliyan 13.5. Na biyu 42,000, jimla miliyan 12.6. Na uku 38,000, jimla miliyan 11.4, amma katakonsa milimita 12 ne, kuma ya ce sai mako 12. Kwamiti ya ba na biyu.

Wasiƙar na uku ita ce mai wuya, don ya halarci buɗe tayi, ya ji an karanto farashin kowa, ya tafi gida da tabbacin shi ne mafi araha. Ga abin da magatakarda ya fara rubuta masa:

"Muna baƙin cikin sanar da ku cewa bayan dogon nazari, tayinku bai kai matsayin da ake buƙata ba. Muna yi muku fatan alheri a nan gaba."

Babu zagi a ciki, amma akwai rauni uku. "Bai kai matsayi ba" hukunci ne a kan mutumin da sana'arsa baki ɗaya, alhali abubuwa biyu ne tak suka kayar da shi. Wasiƙar ba ta taɓa tambayar da ke cin ransa ba, wato yaya aka tsallake mai araha aka ba mai tsada. Sannan "fatan alheri a nan gaba" sallama ce irin ta wanda ba a son sake gani.

Da aka sake rubutawa, bayan kwanan wata da lambar aikin da sunan kamfanin, sai ta koma haka:

"Assalamu alaikum. Mun gode da tayin da kuka kawo na kujeru 300. Kwamiti ya kammala tantancewa, kuma a wannan karon ba a zaɓi tayinku ba.

"Dalilai biyu ne. Sanarwarmu ta nemi katako mai kaurin milimita 18, tayinku ya nuna milimita 12. Ta kuma nemi a kawo kaya cikin mako 6, ku kuka sa mako 12. Farashinku shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun, kuma takardunku na rajista da haraji sun cika. Sai dai ƙa'idar da muka sanar ita ce, ana kwatanta farashi ne tsakanin tayin da suka cika sharuɗɗan kaya da na lokaci. An ba da aikin a kan naira miliyan 12.6.

"In kuna son ƙarin bayani, ku rubuto wa sakataren kwamiti cikin mako guda, za a sa muku ranar zama. Kuna iya karɓar samfurin kujerarku a sito daga ranar Litinin. Wannan sakamako bai hana ku shiga wani tayin ba, kuma za mu aiko muku da sanarwar aiki na gaba kamar yadda za mu aika wa kowa."

Abu na farko da ya canza shi ne wurin da hukuncin ya zauna. Yana jimla ta uku. Masu rubutu da yawa kan ɗauka tausayi ne a jera yabo sakin layi biyu kafin a faɗi labarin, alhali mai karatu ya fara murna ke nan sai a kwaɗa masa. Godiya ɗaya ta isa, sai hukunci.

Na biyu, kuma nan ne zuciyar aikin, kowane dalili an ɗaure shi da abin da sanarwa ta nema da abin da shi ya rubuta da hannunsa. Lamba ce ke fuskantar lamba: 18 da 12, 6 da 12. Ba a ce aikinsa ba shi da inganci ba, don kwamiti bai auna hakan ba. Kafintan zai iya ɗauko kwafin tayinsa ya duba, ya ga ba a yi masa ƙage ba, ya kuma gane cewa arahar tasa daga siririn katakon ta fito. Akwai gwaji mai sauƙi: a ajiye wasiƙar kusa da rahoton kwamiti. Duk dalilin da ke cikin wasiƙa amma babu shi a rahoto, a cire shi. Duk dalilin da ke rahoto amma aka ɓoye shi a wasiƙa don kunya, a mayar da shi. Wanda ya rubuta "kuɗinmu ne bai kai ba" don ya lallashi mutum, alhali katako ne matsalar, ya yi ɓarna biyu. Ya sa kafintan zai ƙara karya farashi a gaba da katakon da ya fi wannan siranta, kuma ranar da koke ya taso za a tarar da takardu biyu na ofis ɗaya suna ƙaryata juna. In kuwa aka zo rubutawa aka rasa dalilin da ke cikin sanarwa, to matsalar ba ta wasiƙa ba ce, tantancewar ce ke buƙatar a sake dubawa.

Akwai iyaka ga abin da za a faɗa. Jimlar kuɗin da aka ba da aikin a kai ba sirri ba ne, tunda an karanta ta a bainar jama'a. Amma inda wanda ya ci yake sayo katakonsa, da yadda ya kasa ribarsa, da kurakuran sauran masu tayi, ba na wannan wasiƙa ba ne. Kowa a yi masa maganar tayinsa.

Sai batun barin ƙofa a buɗe, inda kyakkyawar niyya ta fi kai mutane ga kuskure. Shugaban kwamiti ya ji tausayi, sai ya ƙara da cewa "in sha Allahu na gaba naku ne". Wannan alkawari ne da ba shi da ikon cikawa, kuma in wani mai tayi ya gani, hujja ce a hannunsa cewa ana raba aiki tun kafin sanarwa. Abin da ofis ke da iko a kansa shi zai rubuta: wa za a tuntuɓa, zuwa yaushe, ina za a ga sanarwa ta gaba. A kuma mayar wa mutum da abinsa ba tare da ya yi sintiri ba. A manyan ayyuka akan nemi takardar lamunin banki, wadda dokar 2007 ta ce kada ta wuce kashi 2 cikin 100 na kuɗin tayi. Muddin tana kwance a durowar ma'aikata, ɗan kwangila na ɗauke da nauyinta a bankinsa, kuma ofisoshi da yawa ba sa ko tunawa da ita sai an zo ana roƙo.

Kafinta na farko, mai naira miliyan 13.5, tasa wasiƙar daban ce, kuma kuskure ne a kwafa masa ta na uku a canza suna. Shi ya cika kowane sharaɗi, farashi kaɗai ya raba shi da aikin, da tazarar naira 900,000. A gaya masa haka ƙarara, domin shi ne za a koma wa in wanda ya ci ya kasa kawo kaya. Saboda haka a tasa wasiƙar akan ƙara layi ɗaya, a tuna masa ranar da wa'adin tayinsa zai ƙare, a kuma roƙe shi ya bar farashin yadda yake har zuwa ranar.