Canjin sefa 400 da dabarar da ba ta lissafa abu sau biyu

A ƙasashen da ke cin sefa ta yammacin Afirka, irin su Nijar, akwai kwandalar 200, akwai kuma ta 250. Wannan kusanci nasu ya haifar da wani ɗan tarko a lissafi. A ce mai shago a Maraɗi zai mayar da canjin sefa 400, wato dala tamanin, yana kuma so ya ba da kwandaloli mafi ƙaranci. Hannunsa zai fara kai wa babba: 250, saura 150, sai 100, saura 50, sai 50. Kwandala uku ke nan. Amma da ya dubi aljihun teburinsa da kyau, 200 guda biyu sun gama magana.

Masu ilimin kwamfuta suna kiran hanyar farko dabarar haɗama, domin kullum tana wawurar mafi girma ba ta waiwaye. Ba kullum take kuskure ba. Da takardun naira, daga 5 har 1000, amsarta daidai ce a kowane adadi, shi ya sa mutum ke saurin yarda da ita. Sai dai daidaiton ya fito ne daga yadda aka tsara takardun. Da an sako 250 kusa da 200, sai asirinta ya tonu.

To yaya za a sa kwamfuta ta samo amsar da babu shakka a kanta? A daina tambayar wace kwandala za a fara ɗauka, a tambayi wace ce ta ƙarshe. Idan muna da 50, 100, 200 da 250, ta ƙarshe dole ɗaya ce daga cikin huɗun nan. In 250 ce, kafin ita an haɗa 150. In 200 ce, an haɗa 200. In 100 ce, 300; in 50 ce, 350. Saboda haka amsar 400 ita ce mafi ƙanƙanta a cikin amsoshin 150, 200, 300 da 350, a ƙara ɗaya. Babbar tambaya ta tsage ta zama ƙananan tambayoyi iri ɗaya da ita.

Dalilin da ya sa wannan ya halatta shi ne, idan hanyar haɗa 400 ita ce mafi gajarta, to ragowar da ke cikinta ma dole an haɗa shi ta hanya mafi gajarta. Da akwai wadda ta fi, da mun musanya mun rage jimlar.

Matsalar tana zuwa ne idan aka bar kwamfuta ta bi rassan nan kai tsaye. Tambayar 350 za ta nemi amsar 300, alhali 400 ma ta nema. Tambayar 300 za ta nemi 200, ita ma 250 za ta nema. A wannan ɗan misali kaɗai, sau shida ake lissafa amsar 200 daga tushe, tambayoyin gaba ɗaya kuma su kai 145, alhali adadin da ke akwai daga 0 zuwa 400, a tsallen hamsin-hamsin, tara ne kacal. In canjin ya kai dubbai, sai ka ga shirin ya tsaya cik kamar ya mutu, nan kuwa yana ta maimaita abin da ya riga ya sani ne.

Maganin shi ne abin da masanin lissafi Richard Bellman ya tsara a shekarun 1950, lokacin yana aiki da cibiyar RAND a Amurka, ya kuma fitar da littafi a kai a 1957 mai suna Dynamic Programming, sunan da ake neman dabarar da shi har yau. Kowace ƙaramar tambaya a amsa ta sau ɗaya, a rubuta a tebur, duk mai buƙata ya duba.

Ana farawa daga ƙasa. Canjin 0 ba ya buƙatar komai, amsarsa 0. Na 50 kwandala ɗaya, na 100 ma ɗaya. A 150 ne aka fara duba baya: cire 50 ya bar 100, mai amsa ɗaya, cire 100 ya bar 50, shi ma ɗaya, don haka 150 biyu ne. Na 200 da na 250 kowanne ɗaya, tunda cire kwandalar da ta yi daidai da su yana kai mu 0. Na 300 biyu ne, na 350 ma biyu, wato 250 da 100.

Yanzu ga 400. Ba sabon lissafi, duba kawai: gidan 350 yana da biyu, na 300 biyu, na 150 biyu, na 200 kuwa ɗaya. Mafi ƙanƙanta ɗaya ne, a ƙara kwandalar ƙarshe, biyu ke nan. Lura cewa hanyar da haɗama ta bi, ta gidan 150, ita ma an gwada ta a nan, ta ba da uku, ta faɗi.

Ga shi a harshen Python:

```python
def canji(jimla, kwandaloli):
    tebur = [0] + [float("inf")] * jimla
    for n in range(1, jimla + 1):
        for k in kwandaloli:
            if k <= n:
                tebur[n] = min(tebur[n], tebur[n - k] + 1)
    return tebur[jimla]
```

Kiran `canji(400, [50, 100, 200, 250])` zai dawo da 2.

Layin da sababbin ɗalibai suka fi tuntuɓe a kai shi ne na biyu. Alamar `inf` tana nufin adadi marar iyaka, a nan kuma ma'anarta "ba a samu hanya ba tukuna". Wanda ya cika teburin da sifili a maimakonta zai ga shirinsa yana amsa 0 ga kowace tambaya, domin `min` ba zai taɓa samun abin da ya gaza sifili ba. Wannan alama ce mai sauƙin ganewa. Haka nan, idan `inf` ta fito a ƙarshe ba lalacewa ba ce: ka nemi 150 da kwandalolin 100 da 250 kaɗai, babu yadda za a yi, shirin kuma gaskiya ya faɗa. A ganina, gwada irin wannan adadi da ba ya yiwuwa ya fi gwada goma masu yiwuwa amfani.

Shirin yana faɗin yawan kwandaloli ne, bai faɗi waɗanne ba. Mai son ya sani sai ya ƙara jeri na biyu, ya riƙa rubuta kwandalar da ta yi nasara a kowane gida, sannan ya bi baya: gidan 400 ya ce 200, gidan 200 ya ce 200, an iso 0.

Dabarar tana da iyakarta. Aikin ya kai kusan yawan gidajen tebur sau yawan nau'in kwandaloli, don haka girman adadin ne ke cin lokaci da wurin ajiya. Yadda muka kira shi a sama, shirin ya buɗe gida 401, galibinsu `inf`, domin ba a haɗa 37 ko 112 da waɗannan kwandaloli. Raba komai da 50, ka kira `canji(8, [1, 2, 4, 5])`, amsar ɗaya ce da gida tara. Sannan shirin ya ɗauka kowace kwandala tana nan ba adadi. Idan 200 guda ɗaya ce ta rage wa mai shagon, amsar biyu ba ta da amfani a gare shi. A nan sai an sake fasalin teburin, a riƙa shigo da kwandalolin da ke hannu ɗaya bayan ɗaya, ana cika gidajen daga babban adadi zuwa ƙarami, don kada a kirga kwandala guda sau biyu. Da wannan gyara, amsar 400 ta koma uku.