Saƙo Ɗaya, Ma'ana Uku: Agogo Ma Yana Magana a Zance

A Rano da Kibiya, kamar sauran ƙasar Kano, zance yana da lokacinsa tun kafin zuwan wayar salula a shekarar 2001. Saurayi kan zo bayan La'asar, ko tsakanin Magariba da Isha'i, ya tsaya a ƙofar gida ya aiki yaro: "Je ka ce ana sallama da wance." Lokacin da ya zo ya riga ya gabatar da shi kafin ya buɗe baki. Wanda ya zo ido na ganin ido, mai nema ne. Wanda ya laɓaɓo bayan an rufe zaure, sunansa daban. Waya ta ɗauke zauren da ɗan aiken, ta bar agogon.

Mu ɗauki kalmomi huɗu: "Na tuna da ke." Babu murya a cikinsu, babu fuska, balle a ga murmushi ko sunkuyar da kai. Abin da ya rage wa yarinyar shi ne 'yan lambobin da ke ƙasan saƙon, kuma da su take cike gurbin. Wasu masana sadarwa biyu, Joseph Walther da Lisa Tidwell, sun gwada wannan a 1995 da saƙonnin kwamfuta. Sun nuna wa mutane saƙo iri ɗaya, lokutan da ke kan saƙon kawai suka sauya. Sauyin lokacin nan ya shafi yadda mutane suka ga kusanci a cikin saƙon.

Idan kalmomin nan suka shigo da ƙarfe 6:30 na safe, haɗe da "kin tashi lafiya?", sun shiga rigar gaisuwa. Ko yayarta ce ta ɗauki wayar, babu abin kunya. Ga kuma abin da ke ƙarƙashi: mutumin nan bai tafi gona ko kasuwa ba sai da ya fara da ita. A ganina, saƙon safe ya fi kowanne nauyi, don kowa ya san safiya ba lokacin zaman banza ba ce.

Na tsakar rana bai cika samun sa'a ba. Tana kan girki, ko tana makaranta, ga zafi. Za ta leƙa, ta ce sai an jima, ta manta. Shi kuwa ya ga alamar nan mai shuɗi guda biyu da WhatsApp ta ƙara a 2014, ya fara lissafi: ta karanta, ta yi banza da ni. Alhali tukunya ce ke neman ƙonewa.

Dare ne mai rikitarwa. Duk wanda ya yi samartaka a zamanin kiran dare na kyauta, wanda ake farawa bayan ƙarfe 12 har gab da asuba, ya san sunan da hirar wannan lokaci ta yi a wurin iyaye. Aya ta 58 ta Suratun Nur ta ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wurin manya: kafin sallar Asuba, lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar Isha'i. Wanda ya tashi da wannan tarbiyya, saƙon ƙarfe 11:40 na dare ji yake kamar an ɗaga masa labule. Idan magana ta riga ta je gaban manya, yarinya za ta karanta shi da shauƙi. Idan kuwa jiya aka karɓi lamba, kalmomin nan huɗu sun zama tambaya: me yake tunawa a wannan lokaci, kuma ni ta nawa ce da ya tura wa? Ga gajiya, wadda ke sa mai rubutu ya zarce inda zai tsaya da rana, mai karatu kuma ya zurfafa fassara.

Sai dai a ƙauyukanmu, lokacin rubutawa ba shi ne lokacin isa ba. A ce saurayi a wani ƙauyen Kibiya ya rubuta saƙonsa da ƙarfe 8:15 na dare, sabis ya ɗauke. Maimakon alamar tafiya, sai ɗan hoton agogo ya tsaya a gefen saƙon. Bai lura ba, ya jefa wayar a aljihu. Can wajen ƙarfe 12 sabis ya dawo, saƙon ya fita, wayar ta yi ƙara a Rano, a ɗakin da yarinyar ke kwana da ƙannenta, wataƙila ma wayar ta mahaifiyarta ce take ara. Da safe za a tambaye ta wane ne mai saƙon tsakar dare, ba kuma wanda zai tambayi sabis.

Gane wannan ba wuya. Ɗan agogo, saƙo bai bar wayarka ba. Alama ɗaya, ya fita amma bai isa ba, ƙila wayarta na wurin mai caji. Biyu, ya shiga. In har ƙarfe tara ta wuce ɗan agogon na nan, gara a goge saƙon, a sake rubuta shi bayan an sha koko.