Maƙoƙo Da Gishirin Awo: Yadda Wuya Ke Farautar Aidin

Waɗanda suka haura shekara 50 a cikinmu za su iya tuna lokacin da ganin mace mai maƙoƙo a tashar Kawo ko bakin babbar kasuwar Kaduna ba abin juya kai ba ne. Yau abin ya yi ƙaranci, har yara da yawa ba su san kalmar ba sai a bakin kakanni. Wasu kan danganta ciwon da sammu, wasu da ruwan rijiya, wasu kuma su ce gado ne. A mafi yawan lokuta dalilin ya fi haka sauƙi: wata gaɓa ce a wuya take neman wani sinadari, ba ta samu ba. Ina ganin ya kamata mu fahimci yadda take wannan nema, domin abin da ya rage mana maƙoƙo yana iya kuɓucewa ba tare da kowa ya lura ba.

Gaɓar ita ce likitoci ke kira tayirod. Tana kwance a gaban maƙogwaro, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, da ɓangare biyu kamar fukafukan malam buɗe littafi. Nauyinta a jikin baligi bai wuce giram 15 zuwa 25 ba. Aikinta shi ne haɗa homon, wato saƙon da jini ke kai wa sauran jiki, wanda ke daidaita saurin da jiki ke ƙona abinci, da bugun zuciya, da ɗumin jiki, da girman ƙwaƙwalwar jariri. Wannan homon ba ya haɗuwa sai da aidin, jiki kuwa ba ya ƙera aidin da kansa. Dole sai an ci shi.

Abin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa kuma 250. Maikirogiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Idan aka tara abin da mutum zai bukata cikin shekara 70, bai kai giram 4 ba, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. To, da yake aidin ɗin da ke yawo cikin jini ɗan ƙalilan ne, tayirod ba ta zama ta jira shi. Farautarsa take yi.

A jikin bangon kowace ƙwayar halittar tayirod, ta ɓangaren da ke fuskantar jini, akwai wata ƙofa mai aiki kamar famfo. Sinadarin sodiyam, wanda muka sani a gishiri, ya fi yawa a wajen ƙwayar, don haka kullum yana matsin shiga ciki kamar ruwa mai gangara. Ƙofar ba ta barin sa ya wuce sai da sharaɗi: duk sodiyam biyu da za su shiga, sai sun ja aidin ɗaya. Da wannan dabara gaɓar ke tara aidin ninki 20 zuwa 40 na abin da ke cikin jini, kuma idan an shiga fari takan ninka fiye da haka. Shi ya sa kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na aidin ɗin da ke jikin mutum a wuyansa yake. An daɗe da sanin akwai wannan tarko, amma sai a 1996 Nancy Carrasco da abokan aikinta a New York suka gano ainihin ƙirar ƙofar.

Kama aidin somin taɓi ne. Ƙwayoyin tayirod suna jeruwa ne a da'ira, su kewaye wasu ƙananan rumbuna cike da wani abu mai yauƙi da ake kira tairogulobulin. Aidin ɗin da aka kama yana ratsa ƙwayar ya faɗa rumbun, inda wani sinadari mai hanzarta aiki ke liƙa shi a jikin wasu rassa na wannan abu mai yauƙi. Wani reshen yana samun aidin ɗaya, wani biyu. Daga nan sai a haɗa rassan bibbiyu: mai biyu da mai biyu su ba da homon mai aidin huɗu, mai biyu da mai ɗaya su ba da mai uku. Su ne T4 da T3 da ake gani a takardar gwajin jini. Gaɓar ta fi fitar da T4, sannan hanta da ƙoda da sauran sassa su cire masa aidin ɗaya ya koma T3, wanda shi ne mai ƙarfin aiki. Rumbunan nan suna ajiye abin da zai isa wata biyu zuwa uku, don haka rashin aidin na mako guda ba ya nuna komai.

To daga ina kumburin ke zuwa? A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata ƙaramar gaɓa mai sa ido a kan yawan homon da ke cikin jini. Idan ta ga ya ragu, sai ta ƙara aiko da nata saƙon, wanda ake rubutawa TSH. Wannan saƙo yana umartar tayirod ta ƙara yawan ƙofofin kama aidin, ta ƙara girman ƙwayoyinta, ta kuma haifi sababbi. Kamar masunci ne da kifi ya yi ƙaranci a kogi, sai ya yi ta faɗaɗa komarsa. Idan aidin ya samu, homon ya dawo daidai, umarnin ya lafa. Idan kuwa abin da ake ci ya daɗe ƙasa da kimanin maikirogiram 50 a rana, umarnin ba ya tsayawa, gaɓar ta yi ta girma shekara da shekaru. Da farko kumburin sumul yake, kuma yana iya sacewa idan an samu aidin. Bayan shekaru sai ya yi ƙulli-ƙulli, wanda gishiri ba ya warwarewa, wani lokaci har ya danne hanyar numfashi sai an yi tiyata.

Mata sun fi maza kamuwa, musamman lokacin goyon ciki, kuma a nan babban haɗarin yake. A farkon rabin ciki, ƙwaƙwalwar ɗan tayi ta dogara ne kusan kacokan a kan homon ɗin uwa. Idan ya gaza, ana iya samun ɓari, ko yaro mai jinkirin fahimta, ko a mafi muni kurma mai tawayar girma. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa daga baya, kuma tana iya faruwa a gidan da ba a taɓa ganin kumburin wuya ba.

Mu a Kaduna ƙasarmu ba ta taimaka mana. Taskar aidin ta duniya teku ce, mu kuwa muna nesa da ita da ɗaruruwan kilomita. Ruwan sama na dubban shekaru ya wanke aidin daga tsohuwar ƙasar duwatsu irin tamu, shi ya sa tuddan Filato da ke maƙwabtaka da jiharmu suka yi suna da maƙoƙo. Masara da dawa da ganyen da suka tsiro a irin wannan ƙasa ba su da aidin mai yawa, kifin Kogin Kaduna ma bai kai na teku ba. Sannan akwai rogo. Idan ba a jiƙa shi an shanya sosai ba, gubar da ke cikinsa tana juyewa a jiki ta zama wani sinadari da ke gasa da aidin a bakin waccan ƙofa, ya tare masa hanya. Bincike a Darfur ta Sudan ya nuna gero ma yana da abubuwan da ke rage liƙa aidin a cikin rumbun. Wannan ba dalilin barin fura ba ne, domin illar tana bayyana ne inda dama aidin ya yi ƙaranci.

Maganin tsoho ne. Suwizalan ta fara zuba aidin a gishiri a 1922. Nijeriya ta wajabta haka a 1993, lokacin da aka ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na da maƙoƙo, kuma a 2005, zamanin da marigayiya Dora Akunyili ke shugabantar hukumar NAFDAC, ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta cimma wannan buri. Ƙa'idar ita ce kowane giram na gishiri ya bar masana'anta da maikirogiram 50 na aidin, ya kuma kai wurin mai sayarwa da aƙalla 30.

Bari mu yi lissafin wani gida a Unguwar Rimi. Masana kan ɗauka cewa kashi 20 cikin ɗari na ɓacewa tsakanin masana'anta da madafa, sai 50 ya koma 40. Girki ya cinye wani kashi 20, ya rage 32. Maigidan da ke cin giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, wanda shi ne iyakar da ake ba da shawara saboda hawan jini, zai samu maikirogiram 160. Ya wadatu ke nan. Matarsa mai ciki, da ke bukatar 250, sai ta cike gurbin da kifin teku da ƙwai da madara, ko ƙwayar da aka rubuta mata a wurin awo. Yanzu a ce gishirin gidan na awo ne, an juye shi daga buhu zuwa faranti, ya yi makonni a buɗe cikin rana da laimar Agusta har aidin ɗinsa ya sauka zuwa 10. Cokalin nan ɗaya zai ba da 50 kacal tun kafin a ɗora tukunya. Ɗanɗanon miya bai canja ba, launin gishiri bai canja ba, amma gidan ya tsaya a bakin iyakar da tayirod ke fara kumbura. Gishirin kantu da ake kawowa daga sahara kuwa, da manda, da kanwa, babu mai zuba musu aidin tun asali.

A nan nake ganin sakacinmu. Tsadar rayuwa tana tura mutane ga sayen ɗan ƙulli, ɗan ƙulli kuwa ba shi da tambari. Akwai wani ruwan gwaji mai araha wanda ake ɗiga wa gishiri, idan da aidin sai ya rine zuwa shuɗi. Ban ga abin da zai hana jami'an lafiya na Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa zagayawa da shi kasuwannin Kawo da Unguwar Rimi a kai a kai ba, su kuma bayyana wa jama'a sakamakon. A gida kuwa, a sayi na leda mai lambar rajista, a zuba a mazubi mai murfi, a nisanta shi daga murhu.

Sai dai a yi hattara, ba kowane kumburin wuya ne rashin aidin ba. Akwai wanda garkuwar jiki ke haddasawa, inda gaɓar ke aiki fiye da kima, mutum ya rame, hannu na rawa, zuciya na bugawa da sauri, ido ya firfito. Akwai kuma ƙulli guda mai tauri da ke bukatar a tabbatar ba daji ba ne. Ƙara wa tsohon maƙoƙo mai ƙulli-ƙulli aidin da yawa yana iya tunzura shi ya yi ambaliyar homon, kuma aidin ɗin shafa wa rauni ba na sha ba ne. Wanda ya ga kumburin da ke hawa da sauka idan ya haɗiyi yawu, ya nufi asibiti, irin su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, a auna masa TSH, a ɗauki hoton wuyan, kafin ya sha komai ko ya bari wanzami ya taɓa shi. Allah Ya ƙara mana lafiya.