Tebur mai gida huɗu: tsaye za ka raba ko kwance?

Yau lissafi za mu taɓa, amma kada kowa ya gudu, rabawa ce kawai. Akwai wata tambaya da ɗaliban likitanci, jinya da kiwon lafiyar al'umma ke yawan cin karo da ita a jarrabawa: a ba ka tebur mai gida huɗu, a ce ka fitar da sansitibiti, sifesifisiti, PPV da NPV. Ni kaina na taɓa zubar da makinta gaba ɗaya, kuma ba don ban haddace fomula ba.

Mu ɗauki abin da muka sani. Ka shiga kemis a Sabon Gari da zazzaɓi, a soki yatsanka a ɗiga jini a 'yar robar gwajin maleriya, RDT, cikin kamar minti 15 zuwa 20 layi ya fito. Shin robar nan gaskiya take faɗa? Sai a gwada ta da duba jini a maikuroskof, wanda za mu ɗauka a matsayin alƙali. Ga lambobi na misali, irin na takardar jarrabawa, mutum 200 a watan Satumba:

```
          mai cuta   lafiyayye
RDT +      a = 72     b = 18
RDT -      c = 8      d = 102
```

Kafin komai, tara jimilla. A tsaye, masu cuta 80, lafiyayyu 120. A kwance, robar ta ce 90 suna da ita, 110 ba su da ita.

Sansitibiti tambayarsa ita ce: cikin masu cutar da gaske, nawa robar ta kama? Masu cutar suna tsaye a layin farko, don haka 72 cikin 80, kashi 90 cikin ɗari ke nan. Sifesifisiti kuma: cikin lafiyayyu, nawa ta wanke? 102 cikin 120, kashi 85. Duka biyun daga hukuncin alƙali suka fara.

Amma mai zazzaɓin da ke zaune a benci bai san hukuncin alƙali ba, layi kawai ya gani. Tambayarsa daban ce: tunda ta ce ina da ita, yaya yiwuwar da gaske ne? Wannan shi ne PPV, kuma a kwance ake raba shi: 72 cikin 90, kashi 80. NPV na wanda aka ce ba shi da ita ne: 102 cikin 110, kusan kashi 92.7.

```
Sensitivity = a/(a+c)    PPV = a/(a+b)
Specificity = d/(b+d)    NPV = d/(c+d)
```

To ga inda na faɗi. Malaminmu ya juya teburin, ya sa cutar a kwance, gwajin a tsaye. Ni ko na zuba a/(a+c) ido rufe, na fitar da PPV na rubuta masa sunan sansitibiti. Tun ranar na daina dogaro da haruffa. Nakan tambayi kaina: su wa zan sa a ƙasan rabawar? In masu cuta ne, sansitibiti ne, ko ta ina aka jera su.

Yanzu mu koma watan Maris, rani, sauro ya ja baya. Roba ɗaya, mutum 200, amma 20 kacal ke da cutar. Kashi 90 na 20 shi ne 18, ta kama su, 2 sun kuɓuce. Lafiyayyu 180 ne, kashi 85 ɗinsu 153, saura 27 ta yi musu ƙage. Kun ga abin da ya faru? Waɗanda ta ce suna da maleriya 45 ne, masu ita da gaske 18. PPV ya faɗo daga 80 zuwa 40, NPV kuwa ya hau zuwa 98.7. Robar ba ta lalace ba, lafiyayyun ne suka yi yawa, sai ɗan kuskurenta a kansu ya rinjayi gaskiyarta. Shi ya sa in tambaya ta ce yawan cutar a gari ya ragu, me zai canza, amsar da ake so ita ce PPV ya sauka, NPV ya hau, sauran biyun su tsaya.

Ƙagen nan ma yana da dalili. Yawancin robobin suna neman wani furotin na ƙwayar maleriya mai suna HRP2, wanda kan zauna a jini makonni bayan an warke. Wanda ya gama shan magani kwana goma da suka wuce yana iya faɗawa gidan b.

Tarko na ƙarshe: in aka ce mai bincike da kansa ya zaɓo masu cuta 100 da lafiyayyu 100, PPV ɗin teburin ba na garin ba ne, don rabi da rabin nan shi ya haɗa shi. In an ba ka yawan cutar na gaske, a ce kashi 10, ƙirƙiri mutum 1,000, sa 100 a masu cuta, 900 a lafiyayyu, ka cike gidajen kamar yadda muka yi da watan Maris. Ku gwada da 90 da 85 ɗin nan, ya kamata ku sake samun 40.