Kalmar “run” ba kullum gudu take nufi ba

A kamusun Turanci, kalmar “run” tana cin shafuka. Mai koyo ya san ta da gudu, sai ya ci karo da “she runs a shop” ya rasa inda matar ta nufa da shago. Ai shagon take gudanarwa.

Dabarar ita ce a dubi maƙwabtanta. Wa ke aikin? In mutum ne kuma babu abin da ya biyo baya, galibi gudu ne. In inji ne, yana aiki. In hanci ne, majina ce ke zuba. Ƙananan kalmomin da ke bin ta sun fi rikitarwa: “run out of sugar” sukari ne ya ƙare, “run for governor” kuwa takarar gwamna ce.